Idan An Kama Ɗalibi da Ekspo, Mintuna Goman Farko Su Ne Shari'ar

Mafi yawanmu a harabar nan ba mu daɗe da barin sakandare ba, don haka ba sai na yi wa kowa bayanin mene ne ekspo ba. Mun ga 'yar takardar da ake cusawa a safa, mun ga rubutu a tafin hannu da jikin rula, wasunmu ma sun ga malami da kansa yana karanto amsa. Abin da ban taɓa gani ba a shekaru shidan da na yi a sakandare shi ne rubutacciyar ƙa'idar da ke faɗin abin da za a yi idan an kama mutum. A ganina nan matsalar take, domin doka dai ba mu rasa ta ba.

A 1984 gwamnatin soja ta yi dokar da ta tanadi ɗaurin shekara 21 kan maguɗin jarrabawa. A 1999 aka kawo Doka ta 33, wadda har yanzu take aiki. A ƙarƙashinta, ɗan ƙasa da shekara 18 da aka samu da satar amsa zai biya tarar naira 100,000, ko ɗaurin da bai wuce shekara 3 ba, ko duka biyu. Idan kuwa shugaban makaranta ne ko malami ko mai sa ido, shekara 4 ce babu zaɓin tara. To amma wane firinsifal ne daga Daura zuwa Baure zai kai yaro ɗan shekara 15 kotun tarayya saboda jarrabawar zango na biyu? Babu shi. Tsakanin gidan yari da "je ka, kada ka ƙara" akwai fili babba, kuma makaranta ce ya kamata ta cike shi da tsarinta.

Bayan na gama ND, na ɗan koyar a wata makaranta mai zaman kanta a nan masarautar. Ranar jarrabawar gwaji ta 'yan aji shida, ana rubuta kemistiri, abokin aikina ya tsinci takarda a ƙarƙashin cinyar wani yaro. Nan take ya kwaɗa masa mari, ya yayyaga takardar, ya kore shi waje. Washegari sai ga mahaifin yaron tare da wani dattijo daga unguwarsu. Dattijon bai ɗaga murya ba. Bayan an gaisa sai ya ce wa firinsifal, "Malam, ba gardama muka zo yi ba. A nuna mana takardar kawai." Babu takarda, mai shara ya kwashe. Yaron ya ce lissafinsa ne yake gwadawa a kai. Maganar sata ta koma maganar mari, ƙarshe malamin ne ya ba da haƙuri, aka shirya wa yaron jarrabawa shi kaɗai. Duk 'yan ajin sun san ya yi satar, kuma sun ga yadda ya sha.

Da an bi tsari, abin ba zai ɗauki minti goma ba. Mai sa ido ba zai taɓa yaro ba, ba zai yi ihu ba. Zai kira abokin aikinsa ya ga takardar a inda take tun kafin a ɗauke ta, shi ya sa kowane zaure yake buƙatar masu sa ido biyu aƙalla, kuma a samu mace a ciki, don namiji ba zai caje ɗaliba ba. Sai ya ja layi a takardar amsa daidai inda yaron ya tsaya, ya rubuta lokaci, ya sa hannu. Wannan layin yana da amfani sosai, domin shi zai nuna abin da aka rubuta kafin kamu da wanda aka rubuta bayansa. Daga nan a bai wa yaron fom ya rubuta bayaninsa da hannunsa, ya sa hannu a kan fom ɗin da kuma takardar da aka kama. In ya ƙi, ba a tilasta shi, sai a rubuta cewa ya ƙi, shaidu biyu su sa hannu. Sannan a bar shi ya ƙarasa jarrabawarsa.

Na san nan ne wasu za su ce na cika sanyi. Ɓarawo kuma a bar shi ya ci gaba? E, a bar shi. Mai kamu ba shi ne alƙali ba. Idan bincike ya wanke yaron, bai yi asarar komai ba. Idan ya tabbatar da laifin, soke maki ba wuya ba ne. WAEC ma haka take yi: takan riƙe sakamakon wanda ake zargi, sai kwamitinta na jarrabawa ya zauna ya duba rahoto da hujja kafin a saki ko a soke. Hukumar da ke fama da ɗalibai sama da miliyan ɗaya ba ta yanke hukunci a zaure ba, ina ga makaranta mai aji shida?

Kwamitin makaranta ba sai ya yi girma ba. Mataimakin firinsifal mai kula da karatu, jami'in jarrabawa, malamin darasin, da wakilin iyaye sun isa, su zauna cikin kwana uku, yaro da waliyyinsa suna nan. Wanda ya kama shi shaida ne kawai, ba ya cikin masu hukunci. Aikin malamin darasi shi ne ya ɗora takardar a gefen amsar yaron ya kwatanta. Shin abin da ke ciki ya shafi tambayoyin ranar? Akwai jimlar da aka kwafa kalma da kalma? Hujja mafi ƙarfi ita ce kuskure iri ɗaya. Yara biyu za su iya samun amsa daidai kowa da kansa, amma idan su biyun sun rubuta 5 × 7 = 32 a layi ɗaya, an gama magana.

Hukuncin kuma a rubuta shi tun farkon zango, a karanta a asambili, a aika wa iyaye kwafi. Kamun farko sifili a darasin da wasiƙar gargaɗi, na biyu dakatarwa, wanda ya sa wani ya rubuta masa kuwa ya fi wannan tsanani. Amfanin rubutun shi ne ranar da aka zo da "Malam, a rufa mana asiri", firinsifal yana da abin nunawa. A gari irin namu da kowa ɗan'uwan kowa ne, ba kowane malami ne zai iya kallon abokin mahaifinsa ya ce a'a ba, amma zai iya cewa, "Baba, ba a hannuna take ba, tana gaban kwamiti."

Rigakafi ba shi da tsada. In ɓera da sata, daddawa ma da wari: yara uku a benci ɗaya, tambayoyi iri ɗaya, me ake jira? A gauraya 'yan aji huɗu da 'yan aji biyar a zaure, kowa da darasinsa. A karɓe wayoyi a bakin ƙofa. Kada malami ya sa ido kan darasinsa, kuma kada a buga tambayoyi a shagon kwamfutar da ɗalibai ke zama.

Saura wanda ba a son faɗi. Fom ɗin nan ya kamata ya hau kan malami ma, har da mai makaranta. Wani lokaci a kan tara "kuɗin haɗin kai" daga ɗalibai don a sallami sufabaiza ya kau da kai, kuma idan WAEC ta gano maguɗin gama-gari takan janye amincewarta daga makaranta, abin ya shafi har ƙannen da ba su san hawa ba. Don haka tsarin yana buƙatar ƙofa ta biyu, inda ɗalibi ko malami zai kai ƙorafi ofishin ilimi na shiyya ba tare da ya bi ta teburin firinsifal ba. A makarantar da na koyar babu wannan ƙofar, kuma ni ma da na ji ana maganar kuɗin a ofishin malamai, shiru na yi.