Ku daina cusa wa mutane fayil a waya

Masu gina shafukan intanet da yawa sun yi imani cewa duk mahaɗin da ke kai mutum ga fayil dole ne ya sauke shi cikin waya nan take. Suna ganin ƙwarewa ce. Ni a wurina rashin ladabi ne, musamman idan ba a faɗi girman fayil ɗin ba.

A ce wata makaranta ta fitar da jerin sunayen ɗaliban da ta ɗauka. An ɗauki hoton takardun, an haɗa su a PDF mai girman 40 MB, aka rubuta "Danna nan" kawai. Ɗalibin da ya sayi datar 100 MB ya danna. Idan saurin sabis ɗinsa megabit ɗaya ne a daƙiƙa, sai ya jira daƙiƙa 320, wato minti biyar da ɗoriya, domin kowane bayit yana da bit takwas. Da ya ji shiru sai ya sake dannawa, kwafi biyu su sauka, 80 MB ta tafi. Alhali layi ɗaya yake nema: sunansa.

Hanya biyu ake bi a tilasta saukewa. Ta farko, a saka `download` a cikin mahaɗin, amma ba ta aiki sai fayil ɗin yana kan adireshi ɗaya da shafin. Idan yana wani wurin, burauza ba ta kula ta. Ta biyu, sabar ta aiko da `Content-Disposition: attachment`. Dukansu suna da amfani a inda aka san ajiyewa mutum zai yi, kamar fom ɗin da zai buga ya cike da hannu. Sanarwar da za a karanta a wuce kuwa, me ya kawo tilas?

Masu gina shafukan za su ce ai ba kowace burauzar waya ke buɗe PDF ba. Gaskiya ne, amma wadda ba ta iya buɗewa da kanta take saukewa, ba sai an umarce ta ba. Tilas ɗin masu iya buɗewa kaɗai yake cuta.

Kada kuma a zaci buɗewa a burauza kyauta ce. Ita ma tana cin data, sai dai idan an tsara PDF ɗin da `Fast Web View` kuma sabar tana karɓar buƙatar `Range`, shafin farko zai iya bayyana kafin sauran su iso. Shi ya sa faɗin girma ya fi komai:

```html
<a href="/sunaye.pdf">Jerin sunaye (PDF, 40 MB)</a>
```

Wanda ya ga wannan zai iya haƙura har ya samu Wi-Fi. Wanda ya rubuta shi kuma, watakila kunya ta sa ya raba jerin sashe-sashe, ko ya buga sunayen a shafin kansa. Datar ta mai karatu ce, don haka a bar masa zaɓi.