Saƙon da aka fassara har bashi ya koma rigimar sikeli

Kawuna ɗan kasuwar aya ne a Maraɗi. Shekara da shekaru yana loda buhuna, su bi ta Ɗan Issa su shiga Jibiya, daga nan Katsina. A 2024 ya ba wani abokin cinikinsa na can kaya na naira miliyan biyar. Mutumin ya biya wani abu, sauran ya yi ta jan ƙafa, har magana ta kai gaban wani ofishi a nan garin, inda aka kira wakilinsa aka ce kowa ya kawo hujjarsa a rubuce da Faransanci. Hujjar kawu guda ce, saƙon WhatsApp da mutumin ya aiko masa wata ranar Litinin. Ga shi yadda yake a salularsa, ban taɓa ko harafi ba:

"Salam Alhaji. Na tura 2m, ka duba alert. Balance din in sha Allah next tomorrow zan yi transfer. Wallahi kayan akwai shortage, amma za mu yi manage."

Duk wanda ya taɓa ciniki da mutanen Katsina ko Kano ya gane wanga saƙo tun kafin ya kai ƙarshensa. Mutum ne ya amsa da bakinsa cewa ana bin sa sauran kuɗi, ya kuma sa ranar biya. Amma takardar da aka miƙa wa mai sasantawa wani labari ta ba da. Wanda ya fassara ta matashi ne irina, mai lisansi, Faransancinsa ba abin kushewa. Ya ga "balance", ya tuna da kalmar Faransanci mai irin wannan rubutu, wadda ke nufin sikeli. Ya ga "shortage" a gaba, ya duba ƙamus ya ga ƙarancin kaya ne, sai lissafi ya haɗu masa: ai rigimar awo ce. Ya rubuta cewa mai saƙon ya aiko miliyan biyu tare da gargaɗi, kuma nan gaba zai aiko da sakamakon sikeli domin kayan ba su cika ba. "In sha Allah" da "wallahi" kuwa ya zubar da su gaba ɗaya, wai addu'o'i ne kawai, ba su da wuri a takardar ofis.

Ku dubi ɓarnar da aka yi cikin layi huɗu. A Ingilishin kasuwar Najeriya, "balance" cikon kuɗi ne, abin da ya rage ba a biya ba. "Alert" ɗan saƙon nan ne da banki ke aikowa idan kuɗi sun shiga asusu, babu wani gargaɗi a ciki. "Next tomorrow" jibi ne. Ba za ka same shi a Ingilishin da mushe ya koya mana a lakkal ba, amma daga Jibiya har Legas kowa ya san shi. Tunda Litinin aka rubuta saƙon, Laraba ke nan aka yi alkawari. Mai fassara ya mayar da Laraba "nan gaba", kuma bashin da ba shi da rana kowa ya san yadda yake ƙarewa.

Sai "2m". Ya rubuta miliyan biyu ya yi shiru, mai karantawa a Maraɗi kuma da ya ga miliyan biyu sefa zai ɗauka. A canjin wancan lokacin naira miliyan biyu ba ta kai sefa miliyan ɗaya ba. Wato a kan takarda an riga an biya kawu fiye da ninki biyu na abin da ya karɓa. Mu da muke ƙirga da dala, muna cewa jika muna nufin sefa dubu, alhali jakar tsofaffin Kano naira ɗari biyu ce, bai kamata a ce sai an tuna mana cewa lamba ba ta tafiya ba sunan kuɗinta ba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne alamar kuskuren tana nan a fili. Ba a taɓa ɗora kayan nan a sikeli ba. Da tiya aka auna, aka ƙirga buhu. Da mai fassara ya yi wa kawu tambaya ɗaya tak, "Alhaji, da mi kuka auna?", da fassararsa ta rushe nan take. Bai tambaya ba, domin an koya mana cewa mai digiri ba ya tambayar wanda bai shiga aji ba.

Yanzu maganar Larabcin da ya zubar, wadda ita ce ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Akwai ra'ayin da ya zauna a kan ƴan boko da yawa, cewa Larabcin da ke cikin maganar Bahaushe ado ne, kamar aikin wuyan riga, ka cire shi riga tana nan. Ƙarya ne. Sau da yawa a nan ne nauyin maganar yake.

Ɗauki "in sha Allah". Idan ka roƙi mutum abu ya ce maka "to, in sha Allah" ya tsaya nan, ba rana ba wata, kai ma ka san wataƙila an sallame ka ne cikin mutunci. Amma idan ya ce "in sha Allah jibi zan biya", ya ɗaure kansa da rana, ya kuma bi ladabin da Suratul Kahfi ta koyar na kada a yanke maganar gobe ba a ambaci nufin Allah ba. Kalmomin ba su canza ba, abin da ke gefensu ne ya bambanta su. Wanda ya fassara ta farko da ta biyu iri ɗaya ya yi kuskure, wanda ya share su ya hana mai karatu ya auna da kansa.

"Wallahi" kuma rantsuwa ce, har fiƙihu ya ware mata babi. Wanda ya rantse zai yi abu ya fasa, akwai kaffara a kansa: ciyar da miskinai goma ko tufatar da su, wanda bai da hali ya yi azumin kwana uku. Kuma duk wanda ya karanta Risala a zaure ya san cewa idan mutum ya haɗa rantsuwarsa da "in sha Allah" kafin ya yi shiru, da niyyar togewa, kaffara ta faɗi. Ashe ke nan wurin da kowace kalma ta zauna a jimla yana da hukunci. A saƙon mutumin kawu, ku lura, bai rantse a kan biya ba. A kan ƙarancin kaya ya rantse. Biya ya bar shi da "in sha Allah", ƙorafinsa ya ɗora masa "wallahi". Wannan yana gaya wa mai sasantawa abin da mutumin ya fi riƙewa da ƙarfi, kuma ba ya taimakon kawuna. Duk da haka haƙƙin mai sasantawa ne ya gani.

Zan faɗi laifina a nan. Da aka ba ni dama in sake fassarar, na zo kan "za mu yi manage", sai zuciyata ta ce in rubuta cewa ya karɓi kayan ya yafe ragowar. Ai kawuna ne. Amma kalmar ba ta kai nan ba. Ma'anarta za mu yi haƙuri da shi haka nan, za mu lallaɓa. Tana kusa da karɓa, amma ba "na yafe" ba ce, mutum na iya lallaɓawa yau gobe ya nemi ragi. Haka na rubuta, na kuma sa a gefe cewa kalmar ba ta yanke ko zai nemi ragi ko ba zai nema ba. Kawu bai ji daɗi ba, ya ce mini, "Kai ɗana, wa ya aike ka?"

Akwai ɗaya gefen da ya fi bashi haɗari, shi ne a fassara Larabcin kalma da kalma har ya yi nauyin da mai magana bai ba shi ba. Uwa ta ce wa ɗanta "haba, fisabilillahi, ka aiko da kuɗin nan", roƙo take da ƙorafi. Mutum ya ce ɗaukar nauyin marayu jihadi ne, yabon aikin alheri yake. Ku ɗauki waɗannan jimloli ku zuba su a Faransanci yadda suke, da "tafarkin Allah" da kuɗi a layi guda, ku ajiye a teburin jami'in tsaron da bai ji Hausa ba, a wannan zamani da muke ciki. Mutum na iya kwana a rufe saboda ƙamus. A kasuwa ma, ka taya kaya mai shi ya ce "albarka", asalin kalmar Larabci ce, amma ba addu'a ya yi maka ba, cewa ya yi tayinka bai kai ba.

Na san masu cewa laifin masu rubutun ne, su daina gauraya harshe su rubuta Hausa tsantsa. To, mu ma nan muna cewa salula da lakkal da jandarma, ba wanda ya ce mun ɓata. Kuma ko da gaskiyarsu, saƙon an riga an aiko shi. Mai fassara ba a kira shi ya gyara wa ɗan kasuwar Katsina harshe ba, an kira shi ya faɗi abin da mutumin ya ce. A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci harsunan aiki. Madalla. Amma Hausar da ke shigowa salulolinmu ta Ɗan Issa da Magariya da Ƙonni irin ta saƙon nan ce, harsuna uku a numfashi guda, kuma har yanzu duk wanda ya iya Faransanci ana miƙa masa ita a ce fassara.

Abin da na yi ba wani sihiri ba ne. Na raba takarda gida uku. A sama na kwafe saƙon yadda yake, da ranar da aka aiko shi. In da na murya ne, da sai na rubuta shi kalma da kalma tukuna, domin wanda ke saurare yana fassarawa kai tsaye ba ya barin abin da wani zai duba. A tsakiya na mayar da shi Hausa zalla, na kai wa wani direba da ke zuwa Katsina duk mako, na karanta masa ban gaya masa ko na wane ne ba, ya tabbatar da cikon kuɗi da jibi. A ƙasa ne Faransanci ya zo, da "in sha Allah" da "wallahi" kowace a wurinta, da ɗan bayanin aikin da take yi a jimlar. A kan "2m" na rubuta cewa saƙon bai ambaci irin kuɗin ba, na liƙa hoton saƙon bankin da ke nuna naira.

Da aka karanta wa wakilin mutumin layin tsakiya, bai musa ko kalma ɗaya ba. Aka tsayar da bashin a naira miliyan uku, aka cire kuɗin buhu biyu saboda ƙorafin da ya rantse a kai. Har yau kawu yana cewa buhu biyun nan ni na ci masa su.