Wasiƙar Makero: Me Za Ki Rubuta wa Hedimasta?

Idan aka koro miki yaro daga makaranta saboda makero, wanda wasu ke kira kora, kada ki ajiye shi a gida har sai gashi ya tsiro. Hakan kan ci watanni, zangon karatu kuma ba ya jiran kowa. Ƙa'idar likitoci ita ce, da zarar yaro ya fara shan magani zai iya komawa aji.

Ba tsutsa ke kawo makero ba, kuma ba shan ruwan Kogin Haɗejiya ba ne. Ƙwayar cuta ce dangin fumfuna, tana bin askar wanzami, injin aski, mataji da hula, wani lokaci daga kyanwa ko akuya. Idan a ka ya fito, man shafawa kaɗai ba ya kashe shi, domin yana cikin saiwar gashi. Sai maganin sha irin su girisiyofulbin, mako 6 zuwa 8, gwargwadon nauyin yaro. Ki ba shi da madara ko abinci mai maiƙo don jiki ya karɓa sosai.

Saboda haka, ki fara zuwa asibitin sha-ka-tafi na unguwarku ko Babban Asibitin Haɗejiya, sannan ki rubuta kamar haka:

"Assalamu alaikum, Malam Hedimasta. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni ce mahaifiyar (sunan yaro) da ke aji 3. Ranar Litinin na kai shi asibiti, aka tabbatar makero ne a kansa, kuma a ranar ya fara shan magani na mako 6. Ina wanke masa kai sau 2 a mako da sabulun ruwa na ketokonazol, wanda ke rage yaɗuwar cutar. Malamin asibiti ya ce zai iya dawowa ranar Talata. Za ku ci gaba da ganin tabon na wasu makonni, wannan ba ya nufin maganin bai yi ba. Ina roƙon a hana yara aron hula da mataji, kuma don Allah kada a ware shi ko a bari a tsokane shi. Ga katin asibiti na haɗo. Na gode, Allah ya ƙara girma."

Ranar fara magani da katin nan su ne hujjarki, kada ki bar su. Ki kuma duba kawunan 'yan'uwansa, ki sayo masa askarsa shi kaɗai.

Idan wurin ya kumbura, yana zafi ko fitar da mugunya, ki mayar da shi asibiti nan take, domin irin wannan kan bar sanƙo na dindindin. Kuma ko kin ga tabo ya ɓace a mako na 3, ki ƙarasa maganin, in ba haka ba zai dawo, ki sake rubuta wata wasiƙar.