Sharhi: Layin wayar mamaci ne makullin asusunsa, kuma yana da wa'adi

A Gwantu, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Sanga ta Jihar Kaduna, kamar sauran garuruwan kudancin jihar, cinikin hatsi da doya ya koma kan waya. Kuɗi na shiga asusu, lissafin bashi yana cikin WhatsApp, lambar tabbatarwa kuma tana zuwa ta saƙon tes. Idan mai wayar ya rasu, ko jinya ta hana shi magana, iyalinsa kan mayar da hankali ga banki, alhali abin da ke fara kuɓuce musu shi ne layin wayar.

Bisa ƙa'idojin Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, layin da ya yi wata shida ba a yi wata hulɗar kuɗi da shi ba, kamar kira ko sayen data, ana dakatar da shi. Idan ya ƙara wasu wata shida a haka, kamfani na iya bai wa wani sabon mutum lambar.

A ɗauki misalin ɗan kasuwar da ke kai kaya Kafanchan, wanda ya rasu a watan Janairu, aka kashe wayarsa aka adana. Zuwa watan Mayu ya cika kwana 120 bai hau WhatsApp ba, wa'adin da kamfanin kan goge asusu bayansa, ko da yake saƙonnin da ke cikin wayar suna nan muddin ba a cire manhajar ba. A watan Yuli layin zai tsaya. Zuwa Janairu mai zuwa, lambar na iya kasancewa a hannun baƙo, kuma saƙonnin banki za su riƙa zuwa masa idan ba a sanar da bankin rasuwar ba. Alamar farko ita ce a kira lambar wani ya ɗauka.

Maganin wannan ba shi da tsada. A bar wayar a kunne, a riƙa sa mata kati ana yin kira lokaci-lokaci har a kammala takardu. Sai dai hakan na buƙatar wani amintacce ya san lambar buɗe wayar tun mai ita yana raye. Takarda a cikin ambulan da aka liƙe, mai ɗauke da wannan lamba da sunayen bankuna da adireshin imel, ta wadatar.

Abin da bai kamata ya shiga ambulan ɗin ba shi ne lambar sirrin cire kuɗi. A nan ne iyalai da dama ke kuskure. Wanda aka rubuta a banki a matsayin makusanci, mutum ne da za a tuntuɓa, sunan bai mayar da shi magaji ba. Kuɗin mamaci na dukkan magada ne, kuma banki ba ya sakinsu sai da takardar shaidar rasuwa da takardar izinin kula da gado daga kotu. Ɗan da ya kwashe kuɗin da katin mahaifinsa, ko da don hidimar jana'iza ne, ya buɗe ƙofar ƙara daga 'yan'uwansa. Babu kuma dalilin gaggawa: ƙa'idojin da Babban Bankin Najeriya ya fitar a 2024 sun ce asusun da ya yi shekara 10 ba a taɓa ba ne ake mayar da kuɗinsa wani asusun amana, kuma ko a can magada na iya nemansu.

Jinya kuwa hukuncinta daban ne. Mutum na iya ba wani takardar wakilci tun yana cikin hayyacinsa, amma ikonta yana ƙarewa da rasuwarsa.

Ga imel da hotuna da takardu, Google na da tsari tun 2013 mai suna Inactive Account Manager. Mai asusu zai zaɓi wa'adin wata 3, 6, 12 ko 18, ya sa sunayen mutane har 10, ya kuma fayyace abin da kowanne zai gani. Da ɗan kasuwar nan ya zaɓi wata uku, da tun wajen Afrilu matarsa ta samu saƙon sauke bayanan, kafin layin ya tsaya. Sharaɗin shi ne lambar wayar matar da ya rubuta ta kasance tana aiki, domin ta ita Google ke tantance ta. Facebook ma ya ba da damar naɗa mai kula da shafi tun 2015, amma wanda aka naɗa ba zai iya karanta saƙonnin sirri na mamacin ba.