Mai manhaja ya nemi sanin inda ta karye, ba sai ya san sunanmu ba

Duk mai riƙe da wayar Android ya san wannan takaicin. Ka sauke manhaja da datarka, ka cika suna da lambar waya, ka zo wajen ɗaukar hoton katin shaida, ka ɗauka, sai ka ga ta mayar da kai shafin farko kamar ba ka taɓa rubuta komai ba. Ka sake, ta sake. A karo na uku sai ka goge ta, ka koma wajen mai POS na bakin layi. Ba ka kira kowa ba, ba ka rubuta ƙorafi ba. Shi kuwa wanda ya ƙera manhajar yana can yana kallon mutane suna shigowa suna ɓacewa, yana zargin talla ko tsadar data.

Yana da haƙƙin ya san abin da ya kore ka, kuma mu ma amfaninmu ne ya sani. Kayan aikin da ke nuna masa haka iri biyu ne. Akwai mai kai rahoton mutuwar manhaja, irin su Crashlytics na Google da Sentry, wanda idan manhaja ta rufe kanta zai aika wa mai ita layin da ta karye, irin wayar, da zubin Android da ke kanta. Akwai kuma mai ƙidayar matakai, irin su Google Analytics, wanda ke lissafa mutum nawa suka kai wane shafi. Ra'ayinmu shi ne a saka su duka biyun, amma a taƙaita su ga tambaya ɗaya: a wane mataki, a kan wace irin waya, abin ya lalace? Amsar wannan tambaya ba ta buƙatar sunan kowa, ko lambarsa, ko unguwarsu.

Bari mu bi misalin hoton katin nan har ƙarshe, domin yana nuna dalilin da ya sa kayan aiki ɗaya ba ya isa. A ɗauka manhajar tana da matakai biyar na rajista, kuma mai ita ya sa ta aika alama ɗaya a ƙarshen kowane mataki. Mu ƙaddara mutum 1,000 ne suka fara. 900 sun saka lambar waya, 820 sun tabbatar da lambar da aka turo musu, 800 sun buɗe kyamara, amma 450 kaɗai suka aika hoto. Ramin ya fito fili. Sai ya buɗe Crashlytics yana tsammanin ganin ɗaruruwan rahotanni, ya tarar da shiru.

Shirun nan yana da dalili. Lokacin da manhaja ta kira kyamarar waya, ita kanta tana komawa baya ne ta jira. Kyamara tana cin RAM sosai, to a wayar da ke da 2GB, irin waɗanda suka fi yawa a hannun talakawa, Android kan kashe abin da ke baya don ya samar wa kyamarar wuri. A wajen Android wannan aiki ne na yau da kullum, manhajar ba ta yi kuskuren da za a kai rahoto ba. Idan wanda ya rubuta ta bai tanadi adana abin da aka cika kafin a tafi kyamara ba, mutum zai dawo ya tarar da fam babu komai. Mai manhajar kuwa da wayarsa mai 8GB ya gwada, shi ya sa bai taɓa ganin matsalar ba.

Yadda zai tabbatar ba shi da wahala. Ya raba alƙaluman matakin kyamara gida biyu bisa girman RAM, ƙananan wayoyi da manya. Idan kusan duk waɗanda suka ɓace suna ɓangaren ƙananan, ya kama bakin zaren. Daga Android 11 zuwa sama ma akwai `ApplicationExitInfo`, wanda manhaja za ta iya tambaya idan an sake buɗe ta, ya gaya mata dalilin mutuwarta ta baya, kuma ɗaya daga cikin amsoshin shi ne `REASON_LOW_MEMORY`. Gyaran kuma sananne ne, a riƙa adana matakin da mutum ya kai, a kuma rage girman hoton kafin a sarrafa shi. Ku duba abin da aka yi amfani da shi wajen gano wannan: sunan mataki, girman RAM, zubin Android, dalilin mutuwa. Babu ko ɗaya da ke nuna wane ne ya riƙe wayar.

To ta ina bayanan mutane suke zubewa? Yawanci ta sakaci ne. Mai rubuta manhaja, don ya sauƙaƙa wa kansa bincike, sai ya sa saƙon kuskure ya ƙunshi komai, ya zama ana rubuta cewa tura kuɗi ya gaza ga lamba kaza, asusu kaza, naira kaza. Ranar da aka haɗa Crashlytics ko Sentry, irin wannan saƙon yana iya bin rahoto ya tafi rumbun wani kamfani a ƙasar waje, inda duk ma'aikacin da aka ba izinin duba rahotanni zai karanta. Haka BVN da NIN suke iya fita ba tare da kowa ya yi niyya ba. Maganinsa shi ne saƙon kuskure ya faɗi irin kuskuren kawai, kuma a tace rahoto tun yana cikin waya. Sentry yana da wurin yin haka mai suna `beforeSend`, kuma zaɓinsa na `sendDefaultPii` a kashe yake zuwa, sai a bar shi a kashe.

Wata dabara da wasu ke ganin wayo ce, su murɗa lambar waya ta hanyar lissafi ta koma dogon jerin haruffa, su ce ai yanzu ba a san mai ita ba. Wannan rufin kan uwar daɗi ne. Lambar wayar Najeriya alƙalami 11 ce, farkonta kuma sananne, don haka kwamfuta za ta iya murɗa dukkan lambobin da za su yiwu ta kwatanta har ta gano kowace. Idan dole sai an haɗa rahotannin waya ɗaya wuri ɗaya, manhajar ta ƙirƙiri lambar da ba ta da alaƙa da komai a ranar da aka sauke ta, wadda za ta mutu ranar da aka goge ta. A kuma kashe karɓar lambar talla ta waya, wadda ita ce ke ba kamfanoni damar bin mutum daga wannan manhaja zuwa waccan. A Google Analytics na Android ana yin haka da `google_analytics_adid_collection_enabled`.

Abin da muke ganin bai kamata ƙaramar manhaja ta kusanta ba shi ne naɗar allon mutum yana aiki. A 2019 jaridar TechCrunch ta bayyana cewa wasu manyan manhajoji na iPhone suna amfani da kayan wani kamfani mai suna Glassbox suna naɗar abin da mutane ke dannawa ba tare da sun gaya musu ba, kuma a manhajar Air Canada an ga rufin da ya kamata ya ɓoye bayanai masu muhimmanci ba ya aiki yadda ya kamata. Apple ya umarci masu manhajoji su bayyana wa mutane ko su cire. Idan kamfanin jirgin sama mai tarin injiniyoyi ya yi tuntuɓe a nan, matasa uku da ke aiki a ɗaki ɗaya su yi hattara.

Sai batun neman izini. Crashlytics yana fara tattara rahoto da kansa da zarar an saka shi, amma layi kaɗan ne ke hana shi har sai mutum ya amince:

```xml
<meta-data
    android:name="firebase_crashlytics_collection_enabled"
    android:value="false" />
```

Bayan ya danna amincewa sai a kunna da `setCrashlyticsCollectionEnabled(true)`. Tambayar kuma a yi ta da harshen da mutum ke ji, a jimla biyu: idan manhajar ta lalace za mu aika irin wayarka da inda ta tsaya, ba za mu aika suna, lamba ko hoto ba. A sa maɓallin ƙi daidai girman na amincewa, kuma wanda ya ƙi ya ci gaba da aikinsa. Mutanen da suka ga yadda wasu manhajojin bashi suka riƙa kwashe lambobin da ke wayar mutum suna tura wa danginsa saƙon cin mutunci, har Google ya hana irin waɗannan manhajoji taɓa lambobi da hotuna a 2023, suna da dalilin yin ɗari-ɗari da duk wani "ka amince?".

Doka ma tana wannan ɓangaren. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya da aka sanya wa hannu a watan Yunin 2023, wadda hukumar NDPC ke kula da ita, ta ce a karɓi bayanan da suka wajaba kawai, don manufar da aka bayyana, kuma kada a riƙe su fiye da buƙata. Tarar ƙananan masu riƙe bayanai tana iya kai naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar shekara, duk wanda ya fi yawa. Crashlytics yana riƙe rahoto kwana 90. Wannan ya isa a gyara kowace matsala, kuma ba mu ga dalilin da zai sa a kwafe rahotannin zuwa wani wuri a ajiye shekaru ba.

Za a ce neman izini yana rage bayanai, kuma gaskiya ne. Wasu za su ƙi, kuma mai yiwuwa waɗanda suka ƙi su ne masu tsoron ƙarewar data, wato masu ƙananan wayoyin da matsalar ta fi shafa. Wanda ya goge manhaja bai sake buɗewa ba, shi ma ba za a taɓa jin dalilin mutuwarta ta ƙarshe a wayarsa ba. Amma mai manhaja ba a duhu yake ba. Shafin Android vitals na Google Play yana ba shi jimillar alƙaluma daga wayoyin da masu su suka yarda a tattara bayanan aiki, kuma Google ya ja layi: idan masu ganin mutuwar manhaja a rana suka wuce kashi 1.09 cikin ɗari, ko masu ganin daskarewarta suka wuce kashi 0.47, ana iya rage nuna ta ga masu nema. Matsalar da ke korar mutane da yawa kuwa za ta bayyana ko da rabinsu ne suka ba da izini.

Akwai kuma abin da alƙaluma ba za su taɓa faɗa ba. Cikin mutum 350 da suka ɓace a matakin kyamara, wasu manhajar ba ta mutu musu ba, kawai ba su yarda su ɗauki hoton katinsu su ba kamfanin da ba su sani ba. A ƙidaya, su da waɗanda RAM ya kora duk ɗaya suke. Idan an raba bisa girman waya aka ga manyan wayoyi ma suna zubewa a wannan mataki, to lokaci ya yi da mai manhajar zai rufe kwamfuta, ya sami mutum biyar ko shida a kasuwa, ya roƙe su su yi rajista a gabansa, ya yi shiru ya ga inda yatsansu zai tsaya.