A Kulle Ƙofar Baya ta Na'urar Intanet

Saboda fargabar hanya, mai gyara da ke zaune a Katsina zai so ya riƙa duba na'urar rarraba intanet ta wani ofishi a Batsari ko Safana daga nesa, sai ya bar shafin sarrafa ta a buɗe ga duniya. A ganina, wannan ganganci ne. Ƙofar da mai gyara ke bi, ita ɓarawo zai bi. A shekarar 2016, muguwar manhajar Mirai ta mamaye dubban na'urori ta hanyar gwada kalmomin sirri na kamfani kimanin 60 kacal. Wanda ya shiga yana iya sauya adireshin DNS, ya karkatar da kai zuwa shafin banki na bogi ba tare da ka ankara ba.

Maganin ba shi da wuya. Daga cikin ofis, buɗe adireshin da ke jikin na'urar, misali 192.168.1.1. Nemi Remote Management ko Web Access from WAN, ka kashe, ka adana, sannan ka sauya kalmar sirri. Bayan haka, kashe Wi-Fi na wayarka, ka gwada adireshin WAN da datarka. Idan shafin ya buɗe, to da sauran aiki. Rigakafi dai ya fi magani.