Takardar Shaida Ba Kirari Ba Ce

A laccarsa da aka buga a 1974 kan mutumin kirki a wurin Bahaushe, A. H. M. Kirk-Greene ya jero halaye goma, daga cikinsu akwai gaskiya da amana da haƙuri da ladabi da kunya. Duk wanda ya saba ganin takardun shaida da malamanmu ke rubuta wa ɗalibai masu neman gurbin karatu ko tallafi zai rantse daga wannan jeri ake kwafo su. Ra'ayina shi ne irin wannan takarda ba ta amfanar ɗalibi, domin kwamitin da ke tantancewa yana da irinta tuli a gabansa, kowacce tana cewa mai ita haziƙi ne.

Mu ƙaddara wata ɗaliba 'yar Bagudo ta kammala digirin farko a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, Sakkwato, da kundi kan Hausar 'yan kasuwar Lolo, garin da ke bakin iyakar Nijeriya da Binin, inda Hausa ke gogayya da Dandanci da Fulatanci da Faransanci. Daftarin farko ya ce: "Ɗaliba ce haziƙa, mai ƙwazo, mai ladabi da biyayya, mai haƙuri da riƙon amana." A cire sunanta a sa na kowane ɗalibi a ajin, jimlar ba za ta yi ƙorafi ba. Wannan shi ne gwajin farko, kuma daftarin ya faɗi.

Gyaran yana farawa da yi wa kowace sifa tambaya ɗaya: me na gani da idona har na faɗi haka? Idan an sami amsa, amsar ce za ta shiga takarda, sifar ta fita. "Mai ƙwazo" sai ta koma: "Ta je kasuwar Lolo sau shida a cikin wata uku, ta naɗi hirar mutum 24, ta kuma rubuta hirarrakin da kanta tare da alamar karin sauti da tsawon wasali." Mai nazarin harshe ya san wahalar da ke cikin sanya karin sauti, ba sai an ce masa ta yi ƙoƙari ba.

"Haziƙa" ta fi wuyar gyara, domin a nan ake bukatar wurin da tunaninta ya yi aiki. Sai a rubuta: "Da farko ta ɗauki duk kalmar da ba ta cikin Daidaitacciyar Hausa a matsayin aro. Da ta gwada jerin nata da Hausar tsofaffin Sakkwato, sai ta gano wasu kalmomin na karin harshen yamma ne, ta ware su, ta sake rubuta babi na huɗu ba tare da na umarce ta ba." Wannan bayani ya ambaci kuskurenta, kuma shi ya sa za a yarda da shi. Malamai da yawa suna tsoron irinsa, suna ganin tona asiri ne, alhali takardar da ba ta da ko ɗigon aibi ita ce mai karatu ke zargi.

Ladabi da biyayya kuwa ina ganin a sauke su gaba ɗaya, musamman idan takardar za ta ƙetare teku. Frances Trix da Carolyn Psenka sun nazarci takardun shaida sama da 300 na masu neman aikin koyarwa a fannin likitanci a Amurka, suka wallafa a 2003 cewa na mata sun fi gajarta, kuma an fi yabon su da himma maimakon bajintar bincike. Abin da muke nufi da karramawa, can ana iya karanta shi da cewa ba ta da ra'ayin kanta. In dai halin mu'amala ake son nunawa, a faɗi yadda ta nemi izinin sarkin kasuwa kafin ta kunna rakoda, da yadda ta goge hirar wata mai awo da ta janye yardarta.

Sauran abu biyu gajeru ne. Malami ya faɗi tun a sakin layi na farko shekara nawa ya san ta da kuma a wane matsayi, sannan kwatancinsa ya zo da ma'auni: "tana cikin uku mafi kyau daga ɗalibai 40 da na duba kundinsu."

Za a ce malamin da ke koyar da aji mai ɗalibai ɗari biyu ba zai tuna wannan duka ba. Gaskiya ne, kuma hanyar tana da iyaka a nan: ba a ƙirƙiro tafiya ko adadi don a cike gurbi. Abin yi shi ne a nemi ɗalibar ta kawo kundinta da bayanin abin da ta yi da ranakunsa, malami ya tabbatar da su kafin ya sa hannu. Idan kuma a kwas ɗaya kawai ya san ta, ya faɗi kwas ɗin da makin da ta samu, ya tura ta wurin wanda ya duba kundin nata domin cikakkiyar takarda.